Daga Kano zuwa Nguru da Gashuwa: Yadda ake tsara bidiyon doguwar tafiyar bas

Duk wanda zai ɗauki bidiyon tafiya a motar haya ya kamata ya fara da amincewa da abu ɗaya: ba shi ke da iko da motar ba. A tashar Yankaba da ke Kano, inda ake lodin motocin da ke bin hanyar Haɗeja, mota ba ta tashi don lokaci ya yi, tana tashi ne idan ta cika. Direba ne ke zaɓen inda za a sha mai, da inda za a tsaya salla, da inda zai sauke buhun da aka ba shi saƙo. Wannan ne ya sa yawancin bidiyon tafiya da matasanmu ke sakawa a YouTube da TikTok ke kamanceceniya: gaisuwa a tasha, sai bishiyoyi suna gudu ta taga har mai kallo ya ƙosa, sai a ce an iso lafiya. Ba ƙarancin kyamara ba ne. Mai ɗaukar bai san me ya fito nema ba, don haka bai gane shi ba lokacin da ya wuce ta gabansa. Ra'ayina shi ne rubutun irin wannan bidiyo ba na hanyar ba ne, na wuraren tsayawa ne. Ana rubuta kaɗan a ƙulle shi tamau, a rubuta tambayoyi, sannan a bar fili da gangan ga abin da hanya za ta kawo. Hanyar Kano zuwa Nguru da Gashuwa, a arewacin jihar Yobe, ta isa ta nuna yadda hakan ke aiki.

Kafin a rubuta kalma ɗaya ana bukatar tambaya guda wadda za ta riƙe bidiyon daga farko har ƙarshe. “Bari mu ga yadda Nguru take” ba tambaya ba ce, domin kowane hoto zai iya shiga ƙarƙashinta, kuma ba wanda za a iya cirewa. Tambayar da ta dace da wannan hanya tana nan kwance a gefen titi: ruwan da ya baro Kano, ina yake zuwa, kuma su wa ke ci da shi? Kogin Kano da kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. An tare na farko da madatsar Tiga a 1974, na biyu kuma da madatsar Challawa a 1992. Ruwan da aka saki yana gangarawa gabas, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, sannan a wajajen Gashuwa ya haɗu da na kogin Jama'are su zama kogin Yobe, wanda ke nufar tafkin Chadi. Wato bas ɗin da ya tashi daga Kano ya bi ta Gezawa da Gujungu ya shiga ƙasar Haɗeja, ya wuce Nguru ya sauka Gashuwa, yana tafiya ne tare da ruwan. Da zarar mai ɗauka ya riƙe wannan, ya sami ma'auni. Mai tallan soyayyen kifi da ta leƙo ta taga tana cikin labarin. Buhunan shinkafar da aka jibge a bakin titi suna ciki. Sabon gidan man da aka yi wa fenti mai kyau ba ya ciki, ko da ya yi kyau a hoto.

Sashen farko na rubutun shi ne wanda ake ƙullewa, wato bayanan da ba sa canzawa ko motar ta makara, kuma su kaɗai ake rubutawa kalma bayan kalma. Dalili a fili yake. Mutumin da ya yi awa huɗu a matse tsakanin fasinjoji, rana ta dake shi, idan ya ɗaga waya zai yi bayani daga ka, zai rikita shekara, zai kira ƙaramar hukuma da sunan wata, kuma mutanen garin za su kama shi a ranar da ya saka bidiyon. Ga hanyar Nguru, bayanan da ake bukata ba su wuce biyar ko shida ba. Layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, a nan ya ƙare, kuma shi ya mayar da garin matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da ake tarowa daga ƙasashen da ke kewaye. An ƙirƙiri jihar Yobe a 1991. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin. Gashuwa ita ce mazaunin Mai Bade, kuma an kafa jami'ar tarayya a garin a 2013. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jimla biyu sun ishe shi. Ga misalin yadda za a rubuta na Nguru: “Nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano. Daga 1930 abin da aka noma ko aka tsinto a wannan yanki nan ya riƙa taruwa kafin ya nufi kudu.” Idan aka karanta da ƙarfi bai kai daƙiƙa goma sha biyar ba. Wanda ya ga jimlarsa ta wuce numfashi ɗaya, ya raba ta biyu, domin abin da ido ke karantawa cikin sauƙi sau da yawa harshe yana tuntuɓe a kansa.

Akwai wani abu game da waɗannan bayanai da masu farawa ke yawan kuskurewa: ba a cikin mota ake faɗarsu ba. Ƙarar inji, da iskar da ke shigowa ta taga, da rediyon direba ko wa'azin da ya kunna, duk suna shiga makirufon waya fiye da muryar mai magana. Hoto mai ɗan girgiza mai kallo zai jure shi, amma muryar da ba ya ji sosai tana korarsa nan take. Saboda haka a rubutun, kusa da kowane bayani, sai a rubuta inda za a faɗe shi: ko a tsaye a ƙasa lokacin da mota ta tsaya, da ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, ko kuma a ɗora muryar daga baya a ɗaki mai shiru. Abin da ake ɗauka a cikin mota shi ne hoto da kuma sautin motar kanta, muryar yaron mota yana kiran gari, cinikin ruwan leda ta taga. Waɗannan ba a rubuta su, ana dai tanadar musu wuri. Hanyar gane an yi kuskure ba ta da wuya: a tsayawar farko a sa abin ji a kunne a saurari abin da aka ɗauka. Idan sai an ƙure sauti kafin a fahimci magana, to duk abin da za a ɗauka a wannan kujerar haka zai kasance, gara a gyara tun a Gujungu da a gano a Gashuwa.

Kujera ma tana cikin rubutun, kuma a wannan hanya tana da wata sarƙaƙiya. Tafiyar gabas ce da ɗan karkata arewa. Da safe rana tana gaba, kuma a watannin hunturu tana karkata kudu, wato ɓangaren dama na motar. Wanda ya zauna a dama zai yi ta ɗaukar hasken da ke dukan gilashi mai ƙura, komai ya fito fari fat. Don haka daga Kano kujerar taga ta hagu, ɓangaren direba, ta fi, kuma samunta na nufin sammako da haƙurin jiran lodi. Amma daga Nguru zuwa Gashuwa, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 60 ta bi ta Jajimaji, fadamar tana kudu da titi, wato a dama. Abin da aka zo ɗauka yana ɓangaren da hasken ke da wahala. Maganin ba a kyamara yake ba, a tsarin tafiyar yake: a sauka a Nguru, a kwana, a shiga wata motar, a nemi tagar dama, a kuma guji tsakar rana. Hakan ya nuna dalilin da ya sa ba a rubuta bidiyon nan a matsayin tafiya ɗaya miƙe. Zango biyu ne, kuma tsayawar da mai ɗauka ke da cikakken iko a kanta ita ce wadda ya sauka da jakarsa. Tsayawar shan mai ko ta salla ta direba ce, tana iya zama minti biyar, tana iya zama ashirin.

Wannan bambanci shi ke raba sashe na biyu na rubutun, wato tambayoyi, gida biyu. Ga tsayawar direba, tambaya ɗaya tak ake rubutawa da hoto ɗaya, domin wanda ya shirya uku zai ji hon yana tsakiyar ta biyu. A wajen masu tallan kifi, misali, tambayar ita ce daga wane ruwa aka kamo shi. Amsar gajeriya ce, tana ɗauke da sunan wani gari ko wani tafki, kuma ta ɗaure da zaren bidiyon. Ga Nguru kuwa, inda ake da yamma guda da safiya guda, ana iya shirya mutum uku: masunci ko mai kwalekwale a bakin tafki, mai sayar da bandar kifi a kasuwa, da dattijon da ya san lokacin da tashar jirgi ke cike. Tambayoyin su zama waɗanda ba a amsa su da “e” ko “a'a”. Maimakon a ce “kamun kifi ya ragu ko?”, wanda ke sa wa mutum magana a baki, sai a ce: “Baba, barka da aiki. Inda kuke jefa koma a da, yanzu me ke wurin?” Mai wannan tambaya, idan ya yi shirinsa, ya san abin da mai yiwuwa zai ji, wato kachalla. Ciyawa ce doguwa da ta mamaye mashigan ruwan yankin bayan madatsun sun sauya yadda ruwa ke zuwa. A da ambaliya kan zo da damina ta janye da rani, ƙasa ta bushe. Da ruwa ya koma zama a wasu wurare duk shekara, sai kachalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Mai ɗaukar da bai san wannan ba zai ga koren ciyawa ya ce wa masu kallo su dubi albarkar wurin, alhali mutumin da ke tsaye kusa da shi yana kallon abin da ya raba shi da gonarsa.

A nan ne masu adawa da rubutu ke ɗaga murya, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa daɗin bidiyon tafiya shi ne abin da ba a shirya ba: tayar da ta fashe aka fito aka zazzauna a gindin bishiya, gardamar da ta ɓarke a kujerar baya kan farashin gero, tsohuwar da ta kwance ƙullin goro ta raba wa kowa. Wanda ya zo da takarda, in ji su, idonsa na kan takarda. Gaskiya ne akwai rubutun da ke kashe bidiyo, wato wanda aka cika shi daga minti na farko zuwa na ƙarshe, har mai ɗauka ya riƙa jin haushin duk abin da ya saɓa masa. Amma maganin wannan ba jefar da rubutu ba ne, rage shi ne. A bidiyon minti goma sha biyu, bayanan da aka ƙulle ba za su wuce minti biyu ba gaba ɗaya, hirarrakin da aka shirya su ɗauki kamar shida, sauran huɗun a bar su fayau, a rubuta a takardar cewa nan na hanya ne. Kashi ɗaya cikin uku ke nan. Kuma wanda ya riga ya san cewa bayanansa suna rubuce, ba za su ɓace ba, shi ne hankalinsa ke kwance har ya lura da gardamar kujerar baya. Wanda bai shirya komai ba yana can yana tunanin abin da zai faɗa. Haka kuma tambayar bidiyon ce ke gaya masa wace gardama ce tasa. Idan fasinjoji suna jayayya kan ko ruwan bana ya kai na 2022, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna sosai a ƙasar Haɗeja da sassan Yobe, wannan kyauta ce ta faɗo masa. Idan kan ƙwallo suke yi, ya saurara ya ji daɗi ya bar wayarsa a aljihu.

Wani kuma zai ce, in dai motar haya ce matsalar, me zai hana a ɗauki shatar mota a tsaya duk inda aka ga dama? Ga mai shirin tsuntsaye wannan shawara ce mai kyau. Wanda ke son ya ɗauki tsuntsayen da ke ƙaurowa daga Turai lokacin sanyi, a wurin da aka keɓe musu a Dagona kusa da Gashuwa, yana bukatar motarsa da asubancinsa da mai yi masa jagora. Amma wannan wani bidiyon ne daban. A cikin bas mutanen yankin ne da kansu ke zaune kafaɗa da kafaɗa da mai ɗauka: Manga, da Bade, da Fulani, da Hausawa, ɗalibin da ke komawa makaranta a Gashuwa, ɗan kasuwar da ya saro kaya a Kano. Hausa ce ke haɗa su a mota, amma da an matso gida sai a ji waya ta koma wani harshen. Motar shata tana ba da ikon tsayawa, tana kuma ɗauke waɗannan mutanen. A ganina asarar ta fi ribar yawa.

Sai dai kasancewarsu a kusa ba izini ba ne, kuma wannan wajibi ne ya shiga rubutun a matsayin mataki, ba a bar shi ga hali ba. Tun a tasha, kafin mota ta tashi, a gaida shugabannin tasha da direba a faɗa musu abin da ake yi, sannan a juyo ga na kusa: “Malam, ina ɗaukar bidiyon hanya ne, in ba ka so fuskarka ta fito sai ka gaya mini.” Ga matan aure da 'yan mata, a ɗauka cewa ba a yarda ba har sai an ce an yarda, kuma Hajiyar da ta amince a ji muryarta ba lallai ta amince a ga fuskarta ba. Yara masu talla ba su da ikon ba da izinin da zai bi su shekaru a intanet. Hannu da farantin kaya sun isa hoto. Masu cewa neman izini na ɓata gaskiyar lokacin suna da ɗan abin faɗa, domin mutum kan gyara zama idan ya san ana ɗauka. Amma tafiyar awa huɗu ko biyar doguwa ce, kuma bayan awa ɗaya kowa ya manta da wayar. Izinin da aka nema da safe shi ke ba da damar ɗaukar abin da ya faru da azahar ba tare da rigima ba. Abu ɗaya ne ba shi da sassauci: shingen jami'an tsaro. Yobe jiha ce da ta sha fama da matsalar tsaro, kuma waya a ɗage a shinge na iya jawo a tsare motar gaba ɗaya, a ɓata wa mutum goma sha takwas rana. A rubuta a takardar, da manyan baƙaƙe, cewa da an hango shinge waya ta sauka. Ko gada ce ake son ɗauka, in akwai jami'ai a wurin a tambaye su tukuna.

Lissafin kayan aiki gajere ne amma shi ma yana yanke hukunci kan rubutun. Bidiyo a matakin 1080p yana cin kusan megabait 100 a kowane minti, gwargwadon waya. Don a tace minti goma sha biyu masu kyau ana iya ɗaukar minti casa'in, wato kusan gigabait 9, kuma 4K zai ninka wannan sau uku ko fiye, ya kuma zuƙe batir. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40, wayar da aka jingina da gilashi tana ɗauka ba tsayawa za ta yi zafi ta rage haske ko ta katse ɗaukar da kanta. Shi ya sa a rubutun ake ƙayyade hoton taga: guntaye na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, kuma sai idan wani abu ya canza, kamar inda ƙasa ta fara zama rairayi, ko inda goriba ta fara yawa, ko inda aka fara hango ruwa. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a riƙa goge idon kyamara kafin kowace ɗauka, in ba haka ba a dawo da hoto mai hazo biyu, na sama da na waya.

Wurin rufe bidiyon shi ne bakin kogi a Gashuwa, inda gada ta ratsa a kan hanyar da ta nufi kudu, domin nan ne tambayar da aka taso da ita daga Kano ke samun amsa: ga ruwan, ya zama kogin Yobe. Amma kalmomin rufewar bai kamata a rubuta su a gida ba. A bar shafin babu komai sai sunan wurin. Da dare a masauki, kafin a kwanta, a saurari hirarrakin Nguru da abin da aka tsinta a mota, a rubuta jimla uku ko huɗu daga abin da mutanen suka faɗa da bakinsu, a ɗauke su da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Yakan faru abin da masunci ya faɗa ya saɓa wa abin da mai ɗauka ya karanta kafin ya taso, misali ya ce a unguwarsu ba kachalla ce babbar damuwa ba, tsadar koma ce ko rikicin wurin su. A irin wannan hali ba a gyara maganarsa don ta dace da takarda. Shekaru da sunayen wurare suna nan yadda aka rubuta su, amma rufewar sai ta bi abin da aka ji. A daren ne kuma ake tambayar wani ɗan gari yadda ake furta sunayen ƙauyukan da aka ambata a hirar, a rubuta su daidai, domin lokacin ɗora murya a Kano ba za a sami wanda zai gyara ba.